Ranar da Aku Ya Bar Aski Rabi

Yayana mai aski ne, amma idan ka shigo layinmu ka tambayi shagon mai aski, sai an tsaya ana kallon juna. Ka ce shagon Aku, ko makaho zai nuna maka. Shago ne ɗan ƙarami tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da robobi: kujerar aski ɗaya mai juyawa da aka ɗaure hannunta da waya, benci biyu, babban madubi mai tsagewa a gefe, fanka mai kukan tsohuwa, sai agogon bango da ya tsaya tun ban aurar da 'yata ta fari ba. Ku riƙe zancen agogon nan, zan dawo kansa.

Sunan Aku tun muna yara ya samo shi. Babu muryar da ba ya ɗauka. Yana ɗan firamare ya laɓe a bayan ƙofa ya yi gyaran murya irin ta babanmu, mahaifiyarmu ta miƙe da sauri har ta kifar da tukunya. Ya sha duka ranar, yana kuka yana kwaikwayon yadda take haki. A makaranta ya taɓa sallamar aji guda da muryar hedimasta. Karatu bai yi nisa ba. Ya koyi aski a wurin wani dattijo da ba ya magana da kowa, shi kuwa da ya buɗe nasa shagon sai ya rama duk shirun shekarun nan. Da wannan injin askin da wannan bakin ya yi aure, ya ciyar da 'ya'ya biyar, ya riƙe mahaifiyarmu har ta koma ga Allah. Hannunsa na dama da harshensa, su ne gonarsa, su ne rumbunsa. Ba shi da wani abu bayan su.

Kuma askin nasa aski ne, kada ku ɗauka surutu ne kawai. Yana iya fitar maka da layin goshi kamar an sa rula, idonsa na kan madubi, bakinsa na kwaikwayon surukinka. Mutane suna tsallake shaguna masu sanyi da talabijin su zo su zauna a bencinsa mai ƙusa. Wasu ma ba su da gashin da za a aske, zama kawai suke zuwa yi. Ni yake kira Hukuma, wai tun ina goye nake yanke hukunci. Ni tela ce, shagona yana bayan kwana, ni nake ɗinka masa ƙyallen da yake yafa wa mutane a wuya.

A cikin duk waɗanda yake kwaikwayo, wanda 'yan layi suka fi so shi ne mai gidan da yake haya. Wani tsoho ne da ba ya raba gefen bakinsa da tsinken sakace, saboda haka da ɓari ɗaya yake magana, kalmomin suna fitowa a tauna. Aku sai ya saki kumatu ɗaya, ya karkace leɓe, ya sauke kafaɗa, ya ce, "Haya... ko kaya waje." Shagon ya kece. Sau nawa na ce masa, "Yaya, ka bar wannan, ba kyau." Sai ya juyo ya maimaita mini maganata da muryata, har da riƙe ƙugu.

To, ranar da nake so in ba ku labari, na gama ɗinke bakin sababbin ƙyallaye na ce bari in kai masa bayan azahar. Ina shan kwana na ga abin da ban saba gani ba: shagon Aku shiru. Mutane a tsaye a ƙofa. A kan kujerar aski ga wani direban tasi, abokinsa na shekaru, zaune da ƙyalle a wuya, ɓarin kansa na dama tas kamar ƙwai, na hagu kuwa daji. Injin aski yana ƙasa.

Na ce, "Ina Yaya?"

Direban ya ce, "Yana ciki, ya ɗan kwanta. Gajiya ce, Hukuma. Jira nake ya tashi ya ƙarasa mini, kin ga ba dama in fita haka."

Na ɗaga labulen da ya raba shagon da ɗan lungun da yake ajiye tawul. Yana kwance a kan benci, an juyo masa fanka. Matarsa tana durƙushe a gabansa da kwalbar lemo, tana ƙoƙarin ɗura masa, lemon yana gangarowa ta gefen baki yana jiƙa masa riga. Ya ɗago ido ya dube ni. Idon nan na yayana ne, a buɗe, cike da tsoro. Amma fuskar ba tasa ba ce. Ɓarin dama ya zube kamar kyandir ya narke.

Na fizge kwalbar. "Kada ki ƙara ba shi komai! Shaƙe shi za ki yi?"

Ta ce, "Ai bai karya ba tun safe, yunwa ce. Su suka ce..."

"Su wa? Likitocin benci?"

Ni na san wannan fuskar. Shekara shida na yi ina jinyar surukata, uwar mijina. Ita ma haka ta fara, da yamma, aka ce a bar ta ta yi barci, da safe za ta warware. Da safe ɓarin jiki ya riga ya tafi, bai dawo ba har ta bar duniya. Ni na ɗaga ta, ni na juya ta, ni na wanke ta. A zaryar asibitin nan wata nas ta koya mana abu uku, ta ce mu koya wa kowa, domin wanda ya ga an yi a gidansa shi ne zai fi saurin ganewa a gidan wani.

Na ce, "Yaya, yi mini murmushi. Nuna haƙoranka."

Ɓarin hagu ya ɗaga, na dama ko motsi.

"Ɗaga hannu biyu. Duka biyun. Riƙe su a sama."

Na hagu ya tsaya. Na dama, hannun askin, ya ɗan taso ya sulale ya faɗi a kan cinyarsa kamar jiƙaƙƙen tawul.

"Ce: Hukuma ta cika faɗa."

Abin da ya fito daga bakinsa ba magana ba ce. Aku! Mutumin da yake da muryar gari guda a maƙogwaronsa ya kasa haɗa kalma huɗu.

Na yaye labulen na fito. "Tun yaushe yake haka?"

Sai mai gyaran waya, maƙwabcinsa, wani siriri mai tabarau a goshi, ya sosa ƙeya ya ce, "Wallahi mun ɗauka mai gida yake kwaikwayo. Yana cikin aski sai bakin ya karkace, ya fara magana a tauna, injin ya faɗi. Muka ce yau Aku ya ƙure basira, har da yar da inji. Muka yi ta dariya, muna cewa ya sake. Har bidiyo na ɗauka."

Jama'a, ku ji fa. Mutum ƙwaƙwalwarsa tana mutuwa a tsaye, manyan maza masu gemu suna tafa masa suna cewa ya sake. Da suka ga ya jingina da madubi ya ƙi dainawa, sai suka kama shi suka kwantar, suka aika a kira matarsa, suka koma benci suna gardamar ƙwallo a hankali don kada su tashe shi. Wai ladabi ke nan.

Na ce wa mai gyaran waya, "Goge bidiyon nan yanzu, ko in goge maka tabarau da takalmi." Ya danna, ya nuna mini, ya ce ya goge. Na juya kan direban. "Kai kuma ina motarka?"

"Ga ta nan a ƙofa. Amma Hukuma, kaina..."

"Kanka? Ai ba ka da shi! Tashi!"

Ya miƙe da ƙyallen a wuya. Maza huɗu suka ɗauko Yaya, don ƙafar dama ma ja take yi. Muka kwantar da shi a baya, a kan gefensa, kansa a cinyar matarsa don kada yawu ya sarƙe shi. Mai robobi ya biyo mu da gudu da ƙwayoyi a tafin hannu, wai asfirin ne, yana tsinka jini. Na ce ya haɗiye abinsa. Mutumin da lemo ya gagare shi haɗiya, shi za a ba ƙwaya? Kuma wa ya leƙa cikin kansa ya ga abin da ke faruwa?

Mota ta tashi. Matarsa tana kuka tana cewa mu tsaya a ƙaramin asibitin bakin titi, can suka saba, can ake sanin su. Ni kuwa na riga na kira lambar gaggawa. Matar da ta ɗauka ba ta ɓata lokaci ba. Ta tambayi abin da na gani, na faɗa. Ta ce motarsu tana nesa da mu, tunda muna kan hanya kada mu tsaya jira, kuma kada mu tsaya a ƙaramin asibiti. Mu wuce babba, inda ake da na'urar hoton ƙwaƙwalwa, za ta sanar da su muna tafe. Ta ce kada a ba shi ruwa, abinci ko magani.

Na ce wa direba, "Ka ji. Babban asibiti."

Ban taɓa sanin akwalar motar nan tana da irin wannan gudu ba. Hannu ɗaya a kan hon, kai a waje ta taga, rabi tas rabi daji, ƙyalle yana kaɗawa a bayansa kamar tuta, yana ihu, "Mara lafiya! A ba da hanya!" A mahaɗar titi ɗan sanda ya ɗaga hannu zai tsayar da mu, ya dubi kan direba, ya dubi bayan mota, ya juya da kansa ya tare mana sauran motoci. Ni kuma na juyo ina riƙe da hannun Yaya na dama, sanyi, nauyi, ina ce masa, "Kada ka kuskura, Yaya. Ka ji ni? Kada ka kuskura. Wa zai riƙa zagina da muryata?"

A ƙofar ɗakin gaggawa gadon turawa yana jiranmu. Kafin in gama sauka sun shige da shi. Wata nas ta soki yatsansa ta duba suga, ta ce ba shi ba ne, domin faɗuwar suga ma takan kawo irin wannan. Wata ta ɗaura masa abin awon jini, ta kalli lambar, ta kalli matarsa. "Yana shan maganin hawan jini?"

Matar ta sunkuyar da kai. "An rubuta masa bara. Ya ce ya ji sauƙi, ya daina."

Wannan faɗan na ajiye shi gefe, na ce zan dawo masa.

Likitar mace ce, gajeruwa, mai saurin magana. Ta sa shi ya yi duk abin da na sa shi, da ƙari. Aka tura shi ɗakin hoto. Sai ta juyo gare mu ta ce, "Yaushe aka gan shi lafiya lau na ƙarshe? Ba lokacin da kuka same shi ba. Lokacin da yake magana daidai."

Matarsa ta ce ita dai an kira ta tana wanki. Direba ya ce da hantsi ne, ko kuwa rana ta ɗan yi, ko dai... Na ce, "Ba agogo a shagon?" Sai na tuna da gawar da ke rataye a bango.

Likitar ta ce, "Ku saurare ni da kyau. Shanyewar ɓarin jiki iri biyu ce. Ko dai gudan jini ya toshe jijiya a ƙwaƙwalwa, ko jijiya ta fashe. Hoton zai nuna ko akwai zubar jini. Idan toshewa ce, akwai allurar da ke narkar da gudan, amma cikin awa huɗu da rabi da farawa ake yin ta. Bayan haka haɗarinta yana fin amfaninta, tana iya jawo zubar jini a kai. Kuma ko a cikin lokacin, duk mintin da ya wuce wani yanki na ƙwaƙwalwar yana mutuwa. Idan ban san lokaci ba, ba zan yi ta da ka ba. Ku nemo mini lokaci."

Ta wuce. Na tsaya a barandar nan ina jin kamar in kama direban in ƙarasa masa askin da haƙori. Maza bakwai a shago, kowa da waya a aljihu, ba wanda ya san ƙarfe nawa. Hannun yayana da harshensa suna rataye a kan tambayar da ɗan aji ɗaya zai amsa.

Waya a aljihu. Sai abin ya faɗo mini.

Na kira mai gyaran waya. "Bidiyon nan! Yana ina?"

"Haba Hukuma, ke kika ce in goge. Na rantse na goge."

"Dawo da shi! Ba gyaran waya kake yi ba?"

Ya yi ɗan tari. "Gaskiya... kada ki yi faɗa. Kafin ki zo na riga na tura a guruf ɗin 'yan layi. Ina gama ɗauka na tura, ko minti ban yi ba."

Ban taɓa jin daɗin rashin kunyar mutum irin na ranar ba. Direba ya zaro wayarsa, ya buɗe guruf, ga shi nan, da lokacin a ƙasansa: sha ɗaya da minti ashirin. A ƙarƙashi an jera fuskokin dariya sun kai hamsin. Na fizge wayar na ruga, takalmi ɗaya ya fita ban koma ba, ina kiran "Likita! Likita!" kamar gobara.

Muka kalla tare da ita. Farkon bidiyon Aku ne sosai, yana aski yana kwaikwayon yadda matar direban take ciniki a kasuwa, muryar tsaf, hannun yana yawo. Abin da aka fara ɗauka ke nan. Sai a tsakiyar kalma bakin ya ja gefe. Ya dubi hannunsa. Injin ya faɗi. Shagon ya ɗauki ihu, ana ji wani yana cewa, "Mai gida! Mai gida ya zo karɓar haya!" A cikin madubin kuwa ga idon yayana yana bin su ɗaya bayan ɗaya, yana neman wanda zai gane. Wannan kallon har gobe ban yafe wa layinmu shi ba.

Likitar ta dubi agogon hannunta. Ta ce, "Awa uku da 'yan mintoci. Muna ciki. Hoton bai nuna zubar jini ba." Ta yi wa matarsa bayanin haɗarin allurar ba tare da ɓoye komai ba, ta tambayi ko yana shan maganin tsinka jini, ko an yi masa aiki kwanan nan. Matar ta dube ni. Na ce, "Mijinki ne, bakinki za a ji." Ta share hawaye ta ce, "A yi." Sai da suka fara sauko da jinin nasa, don ya hau da yawa, sannan aka sa maganin ta jijiya.

Ba zan yi muku ƙarya in ce ya tashi ya taka rawa ba. Mun zauna muna kallon nas tana zuwa tana dawowa, tana haska masa ido, tana cewa ya matse mata yatsu. Wajen la'asar sakaliya na ga babban yatsansa na dama ya motsa a kan zanen gado. Na ce ko idona ne. Sai ya ɗaga hannun, ya kai kamar tsawon kwalba, ya riƙe. Na yi guɗa a ɗakin da aka rubuta a yi shiru, aka fitar da ni. Washegari da aka gwada haɗiyarsa aka ga ruwa yana wucewa lafiya, ya dube ni, ya tattaro bakinsa, ya ce a hankali, "Hu...kuma... ta cika... faɗa."

Na ce, "Ai ba ka ga komai ba. Bari ka warke mu yi zancen maganin da ka daina sha."

Likitar ta gaya mana gaskiya: an ceto da yawa, ba a ceto duka ba. Awannin da ya yi a kan benci a gaban fanka sun ci nasu rabon. Da an kawo shi lokacin da injin ya faɗi, wataƙila da ya fita da ƙasa da haka. Ya yi watanni yana zuwa wurin masu koyar da motsa gaɓoɓi, yana matsa ƙwallon roba, yana tsintar maɓallai daga faranti, waɗanda ni na kawo daga shagona. Har yau ƙaramin yatsansa da na kusa da shi ba su cika jin magana ba, kuma idan ya gaji harshen yana nauyi. Maganinsa kuwa yana kan madubi, kusa da burushi, matarsa tana ƙirga masa ni ina ƙirga mata.

Direban nan, wanda tun daga ranar layi ya sa masa Rabin Kai, ya rantse babu mai taɓa kansa sai Aku. Hula ya yi ta sawa. Gashin ya fito, ɓari ɗaya ya fi ɗaya tsawo, matarsa ta yi faɗa har ta gaji. Ranar da Yaya ya sake buɗe shago, direban ne farkon wanda ya hau kujera. Ya cire hular, shago ya ɗauki ihu. Na tsaya a ƙofa ina kallon hannun. Yaya ya ɗauki injin, ya gyara riƙo, ya sa babban yatsa a inda bai saba sawa ba. Ya fara daga ɓarin da ya bari. Ya daɗe fiye da da. Da ya zo layin goshi ya fitar da shi tsaf.

Mai gyaran waya ya sa wa agogon bango batir da kuɗinsa. Ya zo yana washe baki wai ko zan gode masa, tunda bidiyonsa ne ya yi aiki. Na ce masa da ya ajiye wayar ya kira mota, da ba a nemi bidiyo ba. Na dai rage masa tsawon wandonsa kyauta.

Kwaikwayon mai gida an daina shi. Yaya da kansa ya ce ba zai ƙara karkata bakinsa da gangan ba, don ranar da ya karkace a san ba wasa ba ne. Amma ya sami sabo. Ina fita daga shagon ranar, ban kai kwana ba, na ji muryata a bayana, da kaifinta da komai: "Yi mini murmushi! Ɗaga hannu biyu! Duka biyun! Kanka? Ai ba ka da shi! Tashi!" Na juyo. Yana riƙe da ƙugu, maza bakwai a kan benci sun ɗaga hannuwa sama suna washe haƙora.

Na ce, "Yaya, ka manta na ukun. Sa su yi magana. Kuma wanda ya kasa ko ɗaya, ko da ya warware bayan minti biyar, mota za a nema, ba fanka ba."

Ya juya ya maimaita musu, kalma bayan kalma, da muryata. Wannan karon ban hana shi ba.